Yatsu Biyu da Layi Biyar

Ni da yayana mun daɗe muna gardama a kan takarda. Shi ne mai jita a ƙungiyar kiɗanmu ta biki a Gusau, ni kuma ina kan piyano. Shi rubutun tab ya sani: layi shida, kowane layi tsirkiya ɗaya, lambar da ke kai kuma ita ce gaɓar da za ka danna a wuyan jita. Ni nota na koya wajen wani tsohon mai busa ƙaho: layi biyar da ɗige-ɗige, kowane ɗigo yana faɗa maka sautin da tsawon da za ka ja shi, amma babu ruwansa da inda za ka sa yatsa.

Yaya yana kiran nawa kashin ƙuda. Ni ina kiran nasa lambar waya, don in ba ka taɓa jin waƙar ba, ba za ka san inda ake sauri da inda ake jan rai ba. Ni mai baki ne, shi mai hannu, saboda haka yawanci ni ke kwana da ciwo.

Wata ranar da la'asar muna dawowa daga biki a Tsafe, 'yan bindiga suka tare hanya. Harbin farko ya fasa gilashin gaba, direba ya afka da mu cikin gona. Suka fito da mu da duka, suka kifa mu a ƙasa. Ɗaya ya jawo baƙar jakar jita, ya ɗauka bindiga ce a ciki. Yaya ya ɗago don ya yi bayani, mutumin ya kawo masa sara da adda. Hannun hagu ya tare da shi. Ina kwance ina kallo ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suka faɗi cikin kunyar gonar. Da 'yan bindigar suka ji ƙarar motoci tafe sai suka kwashe wayoyinmu suka shige daji. Jitar ko kallonta ba su sake yi ba.

Bayan asibiti ya koma gidanmu a Bungudu. Da ciwon ya warke ya fito da takardunsa. Waƙar da muke buɗe kowane biki da ita tana farawa ne a tsirkiya ta biyu, gaɓa ta biyar sannan ta takwas, da sauri, manuni da ƙaramin yatsa. Sai ya danna biyar, ya miƙa abin da babu, sautin ya mutu. Na ga ya yi haka har gumi ya jiƙa masa riga. A lokacin kuma shugaban ƙungiya ya aiko cewa in Yaya bai iya zuwa bikin garin Rawayya ba, zai ɗauki wani.

Na rubuta waƙar da nota na kai masa ƙarƙashin darbejiya. Da bakin nan nawa na ce, "Yaya, lambobin nan na mai dannawa da yatsa huɗu ne. Ka bar su."

"Mi kac ce?"

Ban maimaita ba, kujerar tsuguno ta same ni a gira. Na faɗi, ya hau kaina da hannun dama yana naushi, yana ihu. "Kashin ƙuda zaka kawo man? Dariya kaka yi man?" Ni ma na shaƙe shi, muka birgima cikin tokar murhu. Inna ta fito da muciya ta raba mana daidai, tana kuka tana zaginmu. Ya zauna yana haki. Jinina ya ɗiga a kan takardar, ni kuwa haushi ya hana ni tashi.

Can ya jawo ta da ƙafa, ya nuna ɗigon farko da guntun hannun.

"Wanga, ina shike ga jita?"

"Ba ta hwaɗi ba."

"To mi amfaninta?"

"Sautin ɗai ta sani. Yana ga tsirkiya ta biyu gaɓa ta biyar, yana ga ta ukku gaɓa ta tara, yana ga ta hwarko ko ba ka danna komi ba. Zaɓi wanda hannunka ya kai."

Ya ɗauki jitar ya kaɗa siririyar tsirkiyar a sake, sautin ya fito. Na ce sauti na biyun yana gaɓa ta uku a kanta. Ya sa manuni. Abin da takwas take bayarwa ne, babu ragi.

Ya maimaita, ya ƙara maimaitawa da sauri, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar saran. Bai ba ni haƙuri ba, har yau kuma tabon yana girata. Ya dai turo mini takardar, idonsa a kan wuyan jita.

"Goge jinin ga," ya ce. "Ya ɓoye man ɗigo na ukku."