Sawu Uku a Ƙofar Ungozoma

Ƙanena mai walda ne. Shekara goma sha tara ke nan yana ƙera ƙofofi da tagogi a wata rumfa bayan tashar mota, kuma ban taɓa jin an dawo masa da aiki ba. Hannunsa ya iya ƙarfe, amma bakinsa bai iya roƙo ba. Wannan halin gidanmu ne.

A bana shugabar wata makaranta ta nemi wanda zai yi mata tagogi arba'in. Ta ce kafin Alhamis kowane mai nema ya kawo rubutacciyar shaidar wanda ya taɓa yi wa aiki, ko da layi uku ne, tare da lambar wayarsa. Ƙanena ba shi da ko ɗaya. A makon ne kuwa ya kafa wa wata tsohuwar ungozoma ƙofar gida, ta yi ta sa masa albarka.

"Je ka tun daɗin bai huce ba," na ce masa.

"Yaya, in ce mata me? Inna, yabe ni?"

Ran Litinin ya je. Da ta fito sai maganar ta maƙale, ya durƙusa yana duba sakata. Ran Talata ya koma da man shafa wa ƙarfe. Aiki ya gagare shi a rumfa: ya kunna inji ya kashe, ya zauna ya miƙe, ya yanka ƙarfe ba a kan awo ba. Na yi tayin in rubuta masa shaidar, ita ta sa hannu, ya ce ba zai cusa wa dattijuwa magana a baki ba.

Ran Laraba ya tarar da ita tsaye tana jiransa.

"Kai ɗan nan, faɗa mini gaskiya. Ƙofar nan faɗowa za ta yi? Tun jiya na hana jikokina matsawa kusa da ita."

"Wallahi Inna lafiyarta ƙalau."

"To kai ne ba lafiya?"

Nan ya sunkuyar da kai ya faɗi buƙatarsa, ya kuma nemi izinin nuna hoton ƙofar da ba da lambarta.

"Yau ga ikon Allah! Na karɓi haihuwar da ta yi kwana biyu, amma ban ga naƙuda irin taka ba. Miƙo biro."

Ta rubuta cewa ya kawo aiki ranar da ya yi alkawari, ƙofar ba ta ƙara, kuma sau uku yana dawowa dubawa ba tare da an kira shi ba.

Shugabar ta buga mata waya, ta tabbatar. Layin ƙarshen nan ne ya ba shi aikin. Sai dai ta sa shi cikin sharaɗi, don haka yanzu kowace taga cikin arba'in ɗin nan sai ya koma ya duba ta sau uku.