Hannun Goggo da Tururin Alala

Goggona, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, tana da hannun da mutanen unguwarmu a Masaka suke ba da labarinsa. Alala take yi ta sayarwa, da dambu in an yi mata odar biki ko suna. Tun ina yarinya nake ganin tana cafko ƙullin alala daga ruwan da yake tafarfasa da yatsu uku, ta jefa a faranti, ta goge hannun a zani ta ci gaba da hira. Sau da yawa ruwan ya fallatso mata, wurin ya yi ja, wani lokacin ya ɗuri ruwa, kafin sati ya zagayo ya warke. Ta ɗauki wannan abin alfahari. In na taɓa murfin tukunya na yi tsalle sai ta ce, “Hannun biro ke nan. Allah ya sa dai ki samu mijin da zai ci takarda.”

Da wannan hannun na dama take komai. Da shi take miƙa wa mai saye alalarsa, da shi kuma ta sha make mini bayan hannu in na miƙa wa babba abu da hagu. A wurinta babu rashin tarbiyyar da ta kai wannan. Ko hannun damanka na cikin ƙullu, sai ka wanke ka miƙa da shi.

Na girma, na yi karatu, na zama malamar kimiyya a wata sakandare, na kama ɗaki a Durumi. Kowace shekara ina koya wa ɗalibai darasin tururi. Nakan ɗora ruwa a wuta in sa ma'aunin zafi a ciki, su ga yana hawa har digiri ɗari, daga nan ya tsaya cak ko da an ƙara wuta. Sai in tambaye su inda zafin wutar yake tafiya tunda ma'auni ya daina motsi. Su yi tsuru-tsuru, ni kuma in ji daɗin kaina. Ban taɓa kawo wa raina cewa wannan darasin zai biyo ni gida ba.

Wata Asabar da hantsi maƙwabciyar Goggo ta kira ni a waya. Bagwariya ce mai sayar da doya, sun daɗe tare, Hausarta irin ta kasuwa.

“Malama, ka zo. Mama ya ƙone hannu. Na ce mu je hospital, ya ce babu.”

Na shiga mota, cunkoson Nyanya da Mararraba ya riƙe mu kamar kullum, ban isa ba sai bayan azahar. A tsakar gida maƙwabciyar ta ba ni labari. An yi wa Goggo odar alala ta wani babban suna, tukunyarta ta yi kaɗan, sai ta aro rabin duro, ta zuba ruwa a ƙasa, ta ɗora ragar waya a kan duwatsu, ta jera alala a kai, ta rufe da buhu da faffaɗan murfi. Ana tsakiyar dahuwa sai ta ji ragar ta goce, alalar mutane za ta zube a ruwa. Ta naɗe hannun dama da tsumma, irin wanda take sauke tukunya da shi, ta ɗan zame murfin gefe ɗaya, ta zura hannu ta tallafe ragar, tana kiran maƙwabciya ta zo da muciya. Duk tururin da ke cikin duron nan ba shi da wata ƙofa sai wannan 'yar kafar da hannunta yake. Tsumma yana tare zafin ƙarfe, amma tururi ratsa saƙarsa yake yi kamar babu komai. Ya shiga, ya zama ruwa a kan fatarta, tsumman ya jiƙe ya manne ya riƙe zafin. Ba ta saki ragar ba sai da muciya ta iso.

Na same ta zaune a tabarma, an riga an kai alalar gidan suna, ko ɗaya ba ta lalace ba, kuma shi ne abin da ta fara gaya mini. An fasa ɗanyen ƙwai an shafe hannun, an bi da man goge baki. Babu wanda ya sa shi a ruwan sanyi. Na wanke a hankali na duba. Daga wuyan hannu zuwa sama ya yi ja ya kumbura da ruwa, wannan ban ji tsoronsa sosai ba. Bayan hannun da yatsu ne suka tayar mini da hankali: fari fat, a bushe, kamar kyandir. Na danna, ba ta ko motsa ba.

“Kin gani?” in ji ta. “Ko zafi ba ya yi. Saman nan ne kawai yake ɗan raɗaɗi.”

“Goggo, rashin zafin ne matsalar. Ƙunar ta yi zurfi har ta kashe jijiyoyin da ke jin zafin. Ki tashi mu tafi asibiti.”

“Ke 'yar nan, ruwan da kansa sau nawa ya zubo mini? Me ya yi mini? Balle hucinsa. Ko taɓa ruwan ban yi ba.”

A kan wannan ta kafe, kuma a iya saninta hujjarta ba ta da aibi. Shekara da shekaru tana gwada fatarta da tafasasshen ruwa tana cin nasara. A ganinta ruwa ne uba, tururi ɗansa ne mara nauyi, abin da ake lulluɓa da bargo a yi surace da shi in ana mura. Yaya za a yi ɗan ya fi uban?

Na durƙusa na yi mata bayani da harshen murhu, tunda shi ta sani. Na ce ta tuna yadda ruwa ba ya daɗewa kafin ya tafasa, amma in aka ce a bar shi ya ƙafe ƙaf, sai an ci itace ninkin-ba-ninkin. Duk wannan lokacin zafin ruwan ba ya ƙaruwa, yana nan inda ya tsaya. Wutar tana tafiya ne wajen raba ruwan, ta mayar da shi tururi, tururin kuma ya tashi da ita a ɓoye a jikinsa. In ka sa ma'auni, shi da ruwan zafinsu ɗaya. Amma da ya taɓa abu mai sanyi, murfi ko fatar mutum, sai ya koma ruwa, ya sauke duk wutar nan a wurin lokaci guda. Bayan ya gama saukewa, abin da ya rage a fatar tafasasshen ruwa ne, shi ma ya yi tasa ƙunar. Ruwan da yake fallatso mata yana hucewa ne kawai ya gangare. Wannan kuwa wani yana zama ruwa wani sabo yana isowa, muddin hannun yana wurin. Na ce na surace ma kafin ya kai fuska ya riga ya gauraya da iska ya huce, ba irin na bakin duro rufaffe ba ne.

Ta saurare ni har ƙarshe, har da gyaɗa kai. Sannan ta juya wajen maƙwabciya ta ce, “Kin ji Malama. A ba ta alli.”

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a kan matar da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na kira ɗan'uwanta a waya ya yi mata magana. Ta ce asibiti yanke hannun mutane suke yi, kuma tana da wata odar a ƙarshen mako mai zuwa. Iyakar abin da na samu shi ne ta bari mai kemis ya naɗe mata da bandeji. Na koma Durumi, ina zuwa bayan an tashi makaranta, ina kallon hannun yana kumbura yana sauya launi, tana ɓoye shi cikin mayafi in ta ji sallamata.

Zazzaɓi ne ya kai ta asibiti, ba ni ba. Ranar da ta kasa tashi sallar azahar muka ɗauke ta ba tare da neman izininta ba. Da nas ta kwance bandejin, warin ya sa maƙwabciya ta fita waje. Likitan, wata matashiya mai magana a hankali, ta tambayi abin da ya ƙona ta. Na ce tururi. Ta tambayi yaushe. Da na faɗa mata, sai ta dube ni, ta dubi hannun, ta ci gaba da aikinta. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ba su yanke hannun ba. Sun kankare mataccen nama, suka yanko fata daga cinyarta suka dasa. Amma ciwon ya riga ya ci jijiyoyin da ke jan yatsu. Da wurin ya warke sai fatar ta tsuke, yatsu huɗu suka sandare a lanƙwashe, babban kaɗai ke ɗan motsi. Aka ce a riƙa kawo ta gashi da motsa hannu. Mun yi ta zuwa har muka gane babu abin da yake canzawa, ita ta fara ganewa kafin ni.

Wata rana da yamma, tun tana kwance a gadon asibiti, ba tare da na tayar da zancen ba, ta ce, “Wato iccen da na tura tun safe, duk a hannuna ya sauka.”

Na ce ba duka ba, amma kusan haka ne.

“To me ya sa bai nuna ba? Ruwa in zai cuce ka yana ɓararraka, kana ji kana gani.”

Ta fahimci darasin fiye da yawancin ɗalibaina, a lokacin da fahimtar ba ta da wani aiki. Har yau ina koyar da shi, don yana cikin manhaja, amma na daina jin daɗin tsuru-tsurun yaran. In na zo wurin da ma'auni yake tsayawa cak, sauri nake yi in wuce.

Goggo ba ta koma sayar da alala ba. Na ce a samo mata mai taya ta aikin wuta, ita ta zauna a bakin faranti. Ta ce da wane hannun za ta miƙa wa mutane abinci? Maƙwabciya ta ce a Masaka wa ya damu da wannan, kowa sauri yake yi. Goggo ta ce ita ta damu. Aka mayar da rabin duron wurin mai shi. Yanzu in za ta ci abinci sai ta shiga ɗaki ta saki labule, kada a ga tana kai loma da hagu.

Watan jiya na je gaishe ta. Ta matsa sai ta dafa mini wani abu da kanta, ta hana ni shiga madafa. Na zauna ina jin ƙarar murfi yana faɗuwa, tana ɗauka, yana sake faɗuwa. Can ta fito da alala biyu a faranti, sun ɗan karkace don da hannu ɗaya aka ƙulla su. Ta tsaya a gabana, ta fara ɗago hannun dama kamar yadda ta saba, ta dube shi, ta mayar cikin mayafi. Sai ta miƙo farantin, idonta a ƙasa.

“Yi haƙuri, 'yar nan,” in ji ta. “Da hagu na ba ki.”