Tambarin da Naɗi Ya Rufe

Malam Barau mai zayyana, na Alfadarai a cikin birnin Zazzau, ya fi shekara arba'in yana zana babbar riga, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya yi wa wani hassada ba. Shi da kansa yake faɗin haka, yawanci idan an ambaci sunan Tanimu.

Tanimu taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. A zaure ɗaya suka koyi aiki wurin mahaifin Barau, da alƙalamin kara ɗaya da kaskon tawada ɗaya. Tsohon ya koya musu cewa riga daga jikin mai ita take farawa. A sa shi ya buɗe hannuwa, a ɗauki faɗi daga yatsa zuwa yatsa, a ɗauki tsawo daga kafaɗa zuwa saman idon sawu. A fitar da wuya, a kafa aljihu a hagu, asake su sauko daga bakinsa, tambari ya zauna a ƙirjin dama, ɗan'uwansa a baya. Sannan babban sharaɗi: tunda mai riga naɗe hannuwanta yake yi a kafaɗa, duk aikin zare ya tsaya kafin inda naɗin zai faɗo. Barau ya riƙe wannan kamar karatun sallah. Tanimu ma ya riƙe, sai dai shi ya buɗe shago a Tudun Wada, ya sa gilashi da fanka, ya riƙa zana manyan asake masu cika ido, ya kuma daina karɓar aikin gajerun mutane sai dole, domin ƙirjinsu ba ya ɗaukar irin zanensa. 'Yan siyasa suka yi masa caa. Barau ya ce wannan ba zayyana ba ce, fentin mota ne. Ya faɗi haka ne don kishin sana'a kawai.

Manyan masu kawo wa Barau aiki suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Alhaji Jumare dillalin hatsi, gajere mai faɗin fara'a, wanda tun rigar angoncinsa Barau ne ke zana masa. Muddin Alhaji Jumare na sa aikinsa, Barau na iya zama a majalisa ya yi maganar zayyana a saurare shi.

Wata Laraba Alhaji ya zo da farar shadda, ya ce ɗaurin auren babban ɗansa saura wata uku.

"Aska takwas nake so, Malam. Yara sun kai wa Tanimu wata shaddar, wai su ma za su yi mini. Wadda ta fi zama a jikina ita zan sa ranar."

"Madalla, Alhaji. Ai Tanimu ɗan gida ne," in ji Barau, yana murmushin da ya sa haƙoransa ciwo.

Ya auna Alhaji duk da ya san awonsa da ka. Washegari ya tuna cewa ya daɗe bai yi zumunci a Tudun Wada ba.

"A'a, bawana ne da kansa!" in ji Tanimu. "Me ya fito da kai daga rami? Tawada ta ƙare ne?"

"Na zo in ga ko ka koyi ja layi a miƙe. Baba ya rasu da baƙin cikin hannunka."

"Zauna a sa maka fanka, ka ji yadda duniya take ciki."

Shaddar Alhaji na shimfiɗe a kan tebur, an gama zane. Barau bai dube ta ba. Ya dai dafa teburin don gwiwarsa na damunsa, ya sake dafawa gaba kaɗan, ya sake dafawa, kuma kowace dafawa taƙi ɗaya ce cif. Kafin a kawo masa ruwa ya san faɗin aljihun, da tsawon manyan asake biyu, da girman tambarin. Abin da ya ɓata masa rai shi ne, zanen ya cika ƙirjin tam, amma bai tsallake iyaka ko da ƙwayar gero ba.

Da ya koma gida ya shimfiɗa tasa shaddar a tabarma bayan la'asar. Faɗi da tsawo ya bar su yadda jikin Alhaji ya ce. Da ya zo kan wuya sai alƙalami ya fara yin abin da ya ga dama. Aljihu ya ƙaru da yatsa huɗu. Asake suka yi tsawo. Tambarin dama ya kumbura har ya fi na Tanimu da yatsa uku, kuma da yake ba shi da wurin zuwa ta wajen wuya, sai ya matsa wajen hannu.

Matarsa Kande, wadda ita ke bin zanensa da allura shekara talatin, ta tsaya a kansa.

"Malam, wannan rigar wa ce? Alhaji Jumare ya ƙara tsawo ne ban ji ba?"

"Ke dai ki ɗinka."

"In ya naɗa hannu, rabin tambarin nan ya shige ɗaka."

"Yanzu ke za ki koya mini zayyana?"

"Wane ni. Idona ne dai nake tausayi, wata biyu ina huda abin da ba mai gani."

Ta ɗinka. Aka kai wa mabuga suka buge ta har tana ɗaukar ido.

Ranar ɗaurin aure Barau ya isa ƙofar gidan Alhaji da wuri, ya zauna inda zai ga fitowarsa. Alhaji ya fito cikin rigar Barau. Ya ɗaga hannun dama ya naɗa, ya ɗaga na hagu ya naɗa. Naɗin dama ya haɗiye rabin tambari, na hagu ya kwanta a kan ƙananan asake uku na gefe. Aska takwas ta koma aska biyar da rabin wata. Barau ya ji kamar an karanta laifinsa a lasifika.

Jama'a kuwa suka ruɗe da yabo.

"Kai, Alhaji! Wannan riga ta yi magana!"

"Ba sai an faɗa ba, hannun Tanimu ne. Dubi girman aska."

Tanimu na tsaye taku uku daga nan. Aka juyo ana miƙa masa hannu.

"Wallahi ba aikina ba ne," ya ce, da ƙarfin da bai kamata a wurin ɗaurin aure ba. "Ni ba na ajiye tambari a hammata."

Aka yi dariya, aka ce Tanimu akwai tawali'u. Ya ratso ya zauna kusa da Barau, ya miƙa masa goro, ya yi ƙasa da murya.

"Da ka tambaye ni awon ai da na ba ka, ba sai ka goge mini tebur da tafin hannu ba."

Barau ya karɓi goron, domin ƙin karɓa zai zama kamar akwai wani abu a ransa.

Bayan kwana biyu Alhaji Jumare ya zo zaure da shadda kala uku, fuskarsa fal annuri. Ya ce ta Tanimu ta yi masa sanyi-sanyi, ya ba surukinsa.

"Ashe kai ma ka iya irin nasa, Malam, ka ɓoye mana shekara da shekaru! Daga yau haka nake so. Waɗannan ma a yi musu irin waccan. In da hali a ƙara girman tambarin."

Barau ya dubi shaddar, ya dubi ƙirjin Alhaji, wanda bai ƙaru da komai ba. Daga cikin gida ya ji Kande ta yi tari.

"Akwai hali, Alhaji," ya ce, ya jawo kaskon tawada.