Takardar da na adana a kwalla

Ban yi boko ba. Ni ke faɗi, jikata ke rubutawa, kuma labarin ubanta ne.

A ƙarshen mulkin soja, ɗana yana aiki a wani kamfani a Legas. Nan Suleja kuwa, a bakin kasuwa, akwai wata mata Kirista 'yar kudancin Kaduna mai shagon buga takardu, da kwamfuta ɗaya da waya ɗaya. Ta wurinta wasiƙunsa ke zuwa, irin waɗanda ake kira imel. Ta buga a takarda, ta karanta mini.

Wata rana ta miƙo mini wata takarda daban mai hatimi, wadda take raba wa duk masu karɓar saƙo a shagon.

"Mama, ki saurara. Imel sau biyu nake dubawa, goma na safe da huɗu na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Layin ɗaya ne, in kwamfuta ta hau, waya ba ta shiga. Abin gaggawa a bugo waya, ga lamba a ƙasa. Ko Lahadi ina jin ƙararta, a bayan shagon nake kwana. In aika wa ɗanki ita?"

Na ce, "Bar shi, 'yar nan. Yana tafe da Sallah, hannu da hannu zan ba shi."

"Kada fa ki naɗe daddawa da ita."

"Ke ce dai mai naɗe gyaɗa da wasiƙun mutane."

Muka yi dariya.

To ni a sanina, takarda mai hatimi abin adanawa ce. Na linke ta, na sa a ƙasan kwalla tare da takardar gida. Sallah ta zo, ya zo, ya ci tuwo, ya koma. Takarda tana kwalla.

Ranar wata Litinin da hantsi sai ga matar nan a tsakar gidana, ita da ba ta taɓa tako shi ba. Takardu biyu ne a hannunta. Ta durƙusa ta karanta ta farko. Abokin aikin ɗana ne ya aiko ranar Juma'a da ƙarfe biyar: mota ta buge shi, yana asibiti, yana kiran Inna, a taho. Adireshin imel kaɗai ya samu a teburinsa.

Na miƙe ina laluben mayafi. Ta riƙe mini hannu.

"Mama, akwai ta biyu."

Ta Lahadi ce. An yi masa sutura bayan la'asar.

Daga nan zuwa Legas tafiyar yini ɗaya ce. Da waya aka bugo, da na isa ranar Asabar. Na sha lissafa wannan, kullum haka yake fitowa.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Ba ransa nake cewa zan tsare ba. Ruwa dai zan ba shi, in amsa kiran.

Mai shagon ta ce laifinta ne, da ta aika masa takardar kawai. Na ce a'a, ke kin faɗa, ni na ɓoye.

Takardar tana nan. Jikata ta karanta mini ita ɗazu, har lambar.