Goben da Na Yi Ta Faɗa wa Mai Zoɓo

Shekarar da na koma Suleja, aikina shi ne ba mutane haƙuri. Kamfanin da ya ɗauke ni yana sayar da kayan sola: fanel, batir, fanka, da firiza mai aiki da hasken rana. Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani bene kusa da babbar kasuwa. Mu biyar ne a ciki, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya. Don haka ma aka ɗauke ni. Duk wanda ya kira ya fara da sallama, sai a miƙo mini waya kamar an ɗauko garwashi.

Aurena bai daɗe da mutuwa ba a lokacin. Na baro Zariya, na kama ɗaki ɗaya a Kurmin Sarki, a gidan haya da kowa ke fita tun asuba ya nufi Abuja. Maƙwabtana mutanen kirki ne, sai dai gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin famfo. Akwai ranakun da in ka cire masu ƙorafi, babu wanda na yi Hausa da shi tun safe har na kwanta. Ina jin kunyar faɗa, amma har ɗokin kiransu nake yi, ko da zagi za su yi.

Ranar uku ga azumi wata mata ta turo saƙon murya daga Madalla. Dattijuwa ce, da jin muryar. Ta ce tana sayar da zoɓo da kunun aya da lamurje a ƙofar gidanta, ta sayi firizarmu wata biyar da suka wuce saboda wuta ba ta zama a unguwarsu, ga shi tun jiya ta daina sanyi. Ta ce duk shekara watan azumi ne kasuwarta, kuma akwai wani masallaci da ke karɓar gora ɗari a wajenta kullum don buɗa-baki.

Na yi abin da aka koya mini. Na buɗe mata fayil a kwamfuta, na ba ta lambar ƙorafi, na duba na ga garantinta bai ƙare ba. Na ce ta ɗauko mini bidiyon 'yar fitilar da ke bayan firizar, domin yawan ƙiftawarta shi ke nuna wa masu gyara inda matsalar take. Ta turo, na ɗora a fayil, na tura wa sashen gyara. Har nan ban yi laifi ba.

Sai ta ce, "To 'yar nan, yaushe za a zo?"

Ban sani ba. Ba ni ke tsara fitar masu gyara ba. Amma a gidan da na tashi, babba ba ya tambayarka abu ka ce masa ba ka sani ba ka yi shiru. Sai ka sanyaya masa rai. Bakina ya riga ni, na ce, "Gobe in sha Allahu, Hajiya."

Ta sa mini albarka. Na daɗe ban ji wani ya sa mini albarka ba, kuma na ji daɗinta har cikin raina.

Gobe ta yi, ba wanda ya je. Ta kira, na ce masu gyara sun yi yawan aiki, amma gobe. Wannan ma ƙirƙira na yi. Ta sake kira jibi, muryarta ta fara tauri, na sake cewa gobe. Duk kwanakin nan ban buɗe fayil ɗinta ba ko sau ɗaya. Ina tsoron abin da zan gani, kuma ina ganin ai tunda na tura, dole wani ya motsa.

Ranar bakwai ga azumi da hantsi saƙonta ya shigo, minti huɗu da 'yan kai. Na sa abin ji a kunne na saurara.

"Ke baiwar Allah, da azumi a bakinki kike yi mini ƙarya? Sau uku ina jiƙa aya saboda maganarki. Sau uku ina zubarwa a kwata. Kin san kunun aya ba ya jiran kowa a wannan zafi. Jiya mutanen masallaci sun zo na ba su zoɓo da ɗumi kamar shayi, ina ji ina gani suna kallon juna. Ba ki da uwa ne? In kamfaninku na mayaudara ne ki faɗa mini, in san inda na nufa."

Na cire abin jin. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Da farko ma ita na ji haushi: me ya kawo uwata cikin maganar firiza? Sai da na yi 'yan mintuna ina huci ni kaɗai, sannan na buɗe fayil ɗin.

Amsar tana nan tun ranar farko da yamma. Mai gyaranmu ya kalli bidiyon ya rubuta cewa akwatin lantarkin da ke tayar da injin sanyi ne ya lalace, babu irinsa a ma'ajiyarmu, an nema daga babban ofishi a Legas, a sanar da mai kaya. A sanar da mai kaya. Ni ake nufi. Layi uku ne kacal, sun kwana huɗu suna jirana.

Na ɗauki wayar na shiga wajen shugabar ofis. 'Yar kudu ce, Hausarta ta cefane ce, mace mai tsare gida amma ba ta da mugunta. Na fassara mata saƙon, na kuma faɗa mata abin da na yi. Ta cire tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Wa ya ba ki gobe?"

Na ce ba kowa.

Ba ta yi mini faɗa mai yawa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. A gabana ta kira Legas. Aka ce kayan zai taso ranar Laraba, ya iso Juma'a. Ta kira mai gyara, ya ce in ya iso zai je Asabar da safe. Na tambaya ko akwai firizar da za a ara wa matar kafin nan, ta ce babu, ta gwaji ɗaya ce kuma tana Minna. Sannan ta ce in je in ba da amsa, amma in rubuta ta gani tukuna: abin da ya faru, abin da za a yi, da ranar da za a yi. Kada in ƙara ko kalma ɗaya da ba ta hannuna.

Akwai amsar da muke da ita a ajiye, wadda ake kwafa a tura wa kowa, mai cewa kamfani yana ba da haƙuri bisa duk wani rashin jin daɗi. Na dube ta na rufe. Matar da ta zubar da aya sau uku ba rashin jin daɗi ne ya same ta ba. Na rubuta tawa, na goge, na sake. Duk inda na juya sai in ga ina neman lallashi, ina so ta ci gaba da ce mini 'yar nan. Sai da na cire wannan duka. Shugabar ta sa na fassara mata, ta gyaɗa kai. Da yake Hajiyar ta fi son murya, na fita baranda na karanta mata a saƙon murya:

"Hajiya, na ji saƙonki duka, kuma kina da gaskiya. Firizarki ta lalace tana cikin garanti, gyaranta a kanmu yake, ba za ki biya komai ba. Na ce miki gobe sau uku ba tare da na tabbatar ba. Wannan laifina ne, kuma ya jawo miki asara. Ki yi haƙuri. Abin da ya lalace akwatin da ke tayar da injin ne, babu shi a Suleja. Zai taso daga Legas ranar Laraba, muna sa ran isowarsa Juma'a, mai gyara ya zo gidanki Asabar da safe. Kafin Asabar firizar ba za ta yi aiki ba, kuma ba mu da wata da za mu ara miki, don haka kada ki haɗa kaya saboda mu. Ranar Laraba bayan azahar zan kira ki in faɗa miki ko ya taso ko bai taso ba."

Na ga alamar ta saurara. Ba ta ce komai ba. Ranar a ɗakina na sha ruwa da dabino uku da ruwan leda, wayar tana gefen tabarma ina leƙa ta. Ko zagin ne ma da na karɓa.

Laraba na kira na ce ya taso. Ta ce, "To." Juma'a na kira na ce ya iso, ga shi a kan teburina. Ta ce, "To." Asabar mai gyara ya hau babur ya tafi Madalla, kafin azahar ya turo hoton firizar tana aiki.

Ƙa'ida ce kafin a rufe fayil a kira mai kaya a ji daga bakinsa. Na bari sai Litinin, don ta ga sanyin ya zauna. Ta ɗauka a ƙara ta biyu. Ina jin muryoyin yara da ƙarar motocin hanyar Abuja a bayanta.

Na gaishe ta da ibada, na tambayi firiza. Ta ce tana yi, har ƙanƙara ta haɗa. Na ce alhamdu lillahi, yanzu sai a koma wa mutanen masallaci.

Ta ce, "Ai sun koma wajen wata tun ranar takwas. Ban ga laifinsu ba, masu azumi ne." Babu faɗa a muryarta. "Da ranar farko kika faɗa mini abin da kika faɗa daga baya, da na kwashi gorunana na kai gidan ƙanƙara, in biya su riƙa sanyaya mini na kwana goma. Ana yi ai. Na zauna ne saboda kin ce gobe."

Duk maganganun da na iya na ba da haƙuri, babu wadda ta dace. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe miki. Kin ji tausayina ne, na sani. Amma kada ki ƙara ji wa wani irin wannan tausayin. Akwai wani abu?"

Na ce babu.

Ta ce, "To a sha ruwa lafiya," ta kashe.

A kwamfuta zaɓi biyu ne a ƙasan fayil, an warware ko ba a warware ba. Firiza tana aiki, don haka na danna an warware. Lambarta ta fita daga jerin waɗanda zan kira, kuma ba ni da wani dalili na sake kiranta. Na zauna ina kallon allon har abokan aikina suka fara rufe tagogi.