Hadi Ta Kai wa Sa'ad Goro

Hadi, mai sallamar kwastoma a kamfanin fiton kaya na unguwar Treichville, mace ce mara zama, har abinci a tsaye take ci. Tun Litinin ta nemi Sa'ad, mai zuwa kwastan, ya karɓo takardar fitar da atamfofin wata Hajiyar unguwar Adjamé, amma shiru. Hajiya kuwa ta rantse in sallah ta wuce kayanta na tashar ruwa, ta bar kamfanin.

Sa'ad ɗan makarantar Faransanci ne, zuciya kusa. Tambaya ɗaya sai ya kumbura wai an raina shi. Hadi ta je ƙofar ofishinsa ta dawo ba ta shiga ba, ta sake zuwa ta dawo. Can ta fita ta sayo farin goro a ganye, irin na gayyatar biki, ta ajiye masa.

"Ah, Tanti!" in ji Sa'ad, don haka yake kiranta, wato Anti. "Wa zai yi aure?"

"Atamfofin Hajiya, ƙanena. Ranar Juma'a za su tare a Adjamé, kai ne waliyyi. Ka manta ne?"

Sa'ad ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa. "Wallahi na ɗauka na faɗa miki, sa hannu kawai ya rage!"

Ya jefa goro a baki, ya ɗauki makullin babur.