Santimita Ukun da Ba a Gani

Shekara sha ɗaya na yi ina kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare da ke tsakanin Gaya da Ajingi. Aikina shara ne, da wanke kwalabe, da riƙe makulli. Takwas daga cikin shekarun nan tare da malamin Fiziks na yi su. Allah ya yi masa rasuwa a daminar bara. Cikin abubuwan da nake tunawa da shi, na zaɓi in rubuta wannan ne domin ina da laifi a ciki.

Ba mu da bututun gilashi irin na littafi. Malam ya samo siririn bututun roba na masu aikin famfo, faɗin bakinsa santimita uku, da duro guda na ruwa. Akwai kuma wani ƙarfe mai yatsu biyu da ke kaɗawa sau ɗari biyar da sha biyu a daƙiƙa, yara suna ce masa cokalin Malam. A tsoma bututu a duro, ruwa ya toshe ƙasansa. A buga cokali a riƙe shi a saman baki, ana ɗaga bututun a hankali, har a kai inda zai amsa da ƙara. Namu yana amsawa idan santimita sha shida suka fito daga ruwa, ya yi shiru, ya sake amsawa a hamsin.

Na ji bayanin har na haddace. Bututu mai toshe a ƙasa yana amsawa idan tsawon iskar cikinsa ya kai rubu'in zangon sautin, wato tsawon kaɗawarsa guda, sai rubu'i uku, sai biyar. Shi ya sa toshasshen bututu ke amsa sautinsa na tushe da ninki uku da ninki biyar, ya tsallake biyu da huɗu, buɗaɗɗe kuwa ba ya tsallake ko ɗaya. Sannan iskar da ke kaɗawa ba ta tsayawa daidai bakin bututu, tana ɗan leƙowa waje, kamar kashi uku cikin goma na faɗin bakin. Wannan ƙarin Malam ke kira gyaran baki.

Sai takarda ta zo cewa za a turo jami'i ya duba ko mun cancanci zana jarrabawar Fiziks. In ba mu cancanta ba, za a rufe ajin Malam, a mayar da ɗalibansa talatin da 'yan kai ajin adabi. Shugaban makaranta ya tashi tsaye. Aka shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa. Aka aro kwalabe daga wata makaranta, aka cika su da ruwan zoɓo da na shuni aka jera. Da ya ji cewa gwajin bututu za a nuna, ya tara yaran bayan an tashi, ya sa suna rera “sha shida, hamsin” kamar karatun allo.

Ana gobe baƙo zai zo, Malam ya tafi Gaya nemo rula mai tsawo. Shugaba ya shigo ya ga bututunmu, ya ce babban mutum ba zai taso daga Kano ya tarar da wannan tsinken ba, sai a ce makarantar ba ta da hali. Ya sa aka kawo ragowar bututun rijiyar burtsatse, mai faɗin santimita goma, ya ce in yanka in shafa masa fenti, siririn kuma in kai shi sito. Na san abin da zai biyo baya. Shekara da shekaru ina jin bayanin. Na ce to, ranka ya daɗe, na ɗauko zarto.

Malam bai gani ba sai da safe, lokacin motar baƙo ta riga ta shigo. Ya dubi bututun, ya dube ni, ya ce fentin ya yi kyau.

Jami'in dattijo ne mai tabarau, riƙe da takarda mai gurabe. Daga baya na ji cewa ilimin ƙasa ya karanta, amma an rubuta masa amsoshi. Ya zaɓi wata ɗaliba 'yar Toranke. Ta buga cokali, ta ɗaga bututu, ya amsa. Ta duba rula ta ce sha huɗu. Shugaba ya yi tari. 'Yan aji suka fara “sha shida” ƙasa-ƙasa. Ta sake dubawa ta ce ita dai sha huɗu ta gani.

Jami'i ya ce a takardarsa rubu'in zango sha bakwai ne, an ba shi izinin yafe ɗaya, ba a ba shi izinin yafe uku ba. Ya fara neman gurbin “bai gamsar ba”. Shugaba ya ce wataƙila ruwan ne, na rijiya ne, a kawo na leda.

Malam ya roƙi a bar yarinyar ta ci gaba da ɗagawa. Bututu ya sake amsawa a arba'in da takwas. Ya sa ta cire sha huɗu, aka samu talatin da huɗu. Ya ce wannan rabin zango ne cif, domin gyaran baki yana cikin awon farko yana cikin na biyu, da aka cire ya tafi. Rabin talatin da huɗu kuwa sha bakwai ne, abin da ke takardar yallaɓai. Ukun da suka rage suna saman bakin bututu.

“A ina?” in ji jami'i, yana leƙawa.

“A cikin iska, yallaɓai.”

“Malam, ni abin da ba ya cikin jerin kaya ba na sa masa hannu.”

Malam ya juyo gare ni. “Mutumina, zarton naka yana kusa?” Ya ce in yanka guda biyu daga ragowar bututun, ɗaya talatin da huɗu, ɗaya ashirin da takwas. Ya gaya wa jami'i cewa buɗaɗɗen bututu yana fara amsawa a rabin zango. In babu gyaran baki, dogon ne zai amsa. In akwai, baki biyu ne, uku a nan uku a can, gajeren ne zai cika talatin da huɗu. Ya miƙa masa cokalin ya ce ya buga da hannunsa.

Na yi yankan. Jami'i ya buga cokali a kan dogon, aka ji ƙara kaɗan. Ya buga a kan gajeren, har na bakin taga suka ji. Ya maimaita sau huɗu. A na huɗun ya cire tabarau ya kara kunne, kamar yaro da sabuwar rediyo. Shugaba ya ce dama shi ya sa ya zaɓi babban bututu, don abin ya fito fili.

Rahoto ya zo bayan wata biyu. An bar ajin Fiziks. An yaba wa shugaba kan samar da kayan aiki na zamani. A ƙasa an rubuta cewa an lura bututun ya gaza da santimita uku, makaranta ta yi ƙoƙari ta cike gibin kafin ziyara ta gaba. Malam ya manna takardar a cikin ƙofar kabad, yana karanta wa kowane sabon aji kafin ya fara darasin.

Bai taɓa tambayata dalilin da ya sa ban yi magana ba ranar da aka sa ni yanka. Na so in faɗa masa da bakina, ina ta cewa sai an samu lokaci. Da ya kwanta ciwo na je duba shi sau uku, duk maganar duro muka yi, wai ya fara yoyo, in sa a like shi kafin yara su dawo hutu.

Na sa an like. Ajin yana nan, bana ma sun zana jarrabawa. Sabon malamin da aka turo ya tambaye ni amfanin guntayen bututu biyun da ke kabad, ko a zubar. Na ɗauko cokali na ce ya fara buga dogon.